Waƙar Zagayowar Ranar Aure Daga Miji Mazaunin Ƙetare: Jigo da Ma'auni

1.0 Gabatarwa

Barin gida domin neman ilimi ko abin rufin asiri tsohuwar al'ada ce a wurin Bahaushe. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, mahajjata sun ratsa Sudan a ƙasa har na tsawon shekaru, 'yan ci-rani kuma sukan fita da rani su komo da faɗuwar ruwa. Daga cikin waɗanda suka zauna nesa da mahaifarsu akwai mawaƙa, kamar Alhaji Umaru Salga wanda aka haifa a Kano a 1858, ya kuma rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Ghana ta yanzu a 1934. Abin da yake sabo shi ne tunawa da ranar ɗaurin aure duk shekara, al'adar da ta shigo tare da ilimin boko da kalanda, wadda kuma ba kowane gida ne ya ɗauke ta ba. Inda tsohuwar al'adar tafiya ta gamu da wannan sabuwa, a nan ake samun waƙar da miji mazaunin ƙetare kan rubuta wa matarsa ranar da aurensu ya cika wasu shekaru.

A wannan babi za a feɗe waƙa guda ɗaya irin wannan, a duba jigonta, sannan a auna ɗangoginta gaɓa-gaɓa. Manufa ita ce ɗalibi ya gane yadda ma'auni yake tilasta wa mawaƙi zaɓen kalma, ya kuma iya gano inda waƙa ta karye da dalilin karyewarta.

2.0 Matanin Waƙar

An tsara waƙar da ke ƙasa musamman domin wannan darasi. An sanya ta a bakin wani malamin makaranta daga ƙasar Kano da ya tafi ƙaro ilimi Ingila, ya bar matarsa a gida, har ranar cikar aurensu shekara goma ta same shi a can cikin hunturu.

1. Da sunan Ta'ala nake yin kira,
Zuwa gun abar so da ke can gida.

2. A yau shekara goma cif ta cika,
Da auren da yas sa mu zam rai guda.

3. Ina nan ƙasar ƙanƙara ni kaɗai,
Da rana da sanyinta ba ƙa'ida.

4. Abincin da kan zo gabana a nan,
Idan babu hannunki ba fa'ida.

5. Ina jin kiran assalatun gari,
Da ƙamshin turaren wutarmu na da.

6. Da ikonSa in damina ta wuce,
Mu gana cikin lafiya da wada.

Ta fuskar zubi da tsari, waƙar 'yar ƙwar biyu ce mai baiti shida. Babban amsa-amonta shi ne “da”, wanda yake zuwa a ƙarshen ɗango na biyu na kowane baiti. Ba ta da ƙaramin amsa-amo, domin ɗangogin farko sun ƙare da sautuka mabambanta. An buɗe ta da ambaton Allah, an kuma rufe ta da jingina al'amari ga ikonSa, kamar yadda aka saba a rubutattun waƙoƙin Hausa.

3.0 Jigon Waƙar

Jigon waƙar shi ne bege, wato ƙaunar abin da ya yi nisa tare da ɗokin saduwa da shi. A rubutacciyar waƙar Hausa an fi sanin kalmar bege a waƙoƙin begen Annabi (SAW) da na ɗokin ziyarar Madina, amma a nan an juyar da shi ga iyali. Furucin gundarin jigon yana cikin baiti na 1 da na 2, inda aka bayyana wadda ake kira, da inda take, da dalilin kiran.

Abin lura na farko shi ne mawaƙin bai raba matar da gida ba. Kalmar da ta buɗe amsa-amon waƙar ita ce “gida”, kuma duk abin da ya ce ya rasa, abu ne da ya ratso ta hannun matar ko ta ɗakinta: girki da turaren wuta. Saboda haka kuskure ne ɗalibi ya ce waƙar tana da jigo biyu, soyayya da begen gida. Jigo ɗaya ne. A Hausa ma idan aka tambayi magidanci “ina gida?” ai iyalinsa ake gaisarwa.

Na biyu, mawaƙin bai ambaci sunan matarsa ba, ya kira ta “abar so”. Wannan ya dace da kunyar da ke tsakanin ma'aurata a al'adar Hausawa, musamman da yake waƙa takan fita daga hannun wadda aka yi wa ita ta kai kunnen surukai da 'ya'ya. Haka kuma babu kalmar “kewa” ko “bege” ko ɗaya a cikin baitocin shida. Ƙanƙara da kaɗaici da abinci marar daɗi su ne suka isar da saƙon. A tsakiyar watan Disamba hasken rana a Landan bai cika awa 8 ba, rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, alhali a Kano yini ba ya gaza awa 11. Wanda ya san wannan zai gane cewa “ba ƙa'ida” na baiti na 3 kukan mutum ne da lokutan sallarsa da na barcinsa suka rikice.

Baiti na 5 ya dogara ne a kan aikatau guda, wato “ji”. Da shi Bahaushe yake jin sauti, da shi yake jin ƙamshi, da shi kuma yake jin abu a zuciya. Wannan ya ba mawaƙin damar rataya kiran assalatu da turaren wuta a kan kalma ɗaya. Tun da yake tsakaninsa da garinsu ya wuce kilomita 4,000, mai karatu ya san a zuci yake jin su.

Akwai kuma ƙididdigar lokaci iri biyu. Baiti na 2 ya ƙirga shekarun da suka wuce da lissafin kalanda, baiti na 6 kuma ya ƙirga abin da ya rage da lissafin manomi, wato wucewar damina. Kalmar “cif” tana buƙatar kulawa, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. A shekara goma bambancin ya haura kwana 100. Ke nan ma'auratan da suka riƙe watan Musulunci da aka ɗaura aurensu za su riga masu bin kalandar boko cika shekara goma da fiye da wata uku. Ya kamata mai nazari ya tambayi wane lissafi mawaƙi ya bi kafin ya ɗora wa waƙar kwanan wata.

4.0 Ma'aunin Waƙar

4.1 Gaɓa da Ƙafa

Ilimin auna waƙa, wato aruli, ya samo asali ne daga Halilu ɗan Ahmad na Basra a ƙarni na 8 na Miladiyya. Shi ya fitar da karuruwa 15, daga baya Ahfash ya ƙara na 16. Masana irin su Greenberg (1949) da Galadanci (1975) da Hiskett (1975) sun nuna cewa rubutattun waƙoƙin Hausa da yawa suna hawa waɗannan karuruwa. Dalili kuwa shi ne Hausa da Larabci sun yi tarayya wajen bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi.

Gaɓa marar nauyi ita ce mai baƙi da gajeren wasali, kamar “gi” a cikin “gida”. Ana nuna ta da alamar (v). Gaɓa mai nauyi kuwa iri uku ce: mai dogon wasali kamar “daa” a cikin “gida”, da mai tagwan wasali kamar “yau” da “rai”, da wadda baƙi ya rufe kamar “can”. Ana nuna ta da alamar (–). Gaɓar ƙarshen ɗango kullum ana ɗaukar ta mai nauyi ko da gajera ce, saboda tsayawar da murya take yi a wurin.

Waƙar da ake nazari tana kan karin Mutaƙarab, wanda ƙafarsa ita ce Fa'uulun (v – –), wato gaɓa marar nauyi guda sai masu nauyi biyu. Kowane ɗango yana da ƙafa huɗu, amma an yanke gaɓar ƙarshe ta ƙafa ta huɗu, ta koma Fa'uu (v –). Wannan yankewa illa ce da ake kira hazafi, kuma da zarar mawaƙi ya ɗauke ta a ƙarshen baitin farko, dole ya bi ta a ƙarshen kowane baiti. Sakamakon haka kowane ɗango yana da gaɓa 11.

4.2 Matakan Aunawa

Mataki na farko shi ne a karanta ɗango da murya yadda ake furta shi. Na biyu, a sake rubuta shi ana ninka duk dogon wasali. Na uku, a yanka shi gaɓa-gaɓa a sa wa kowace gaɓa alamarta. Na huɗu, a raba alamomin ƙafa-ƙafa. Ga yadda baiti na 1 ya fita:

da suu nan / ta 'aa laa / na kee yin / ki raa
v – – / v – – / v – – / v –

zu waa gun / a bar soo / da kee can / gi daa
v – – / v – – / v – – / v –

Ga kuma baiti na 4:

a bin cin / da kan zoo / ga baa naa / a nan
v – – / v – – / v – – / v –

i dan baa / bu han nun / ki baa faa / 'i daa
v – – / v – – / v – – / v –

A lura cewa iyakar ƙafa ba ta bin iyakar kalma. Kalmar “babu” ta rabu tsakanin ƙafa ta ɗaya da ta biyu, haka “hannunki” da “fa'ida” sun tsallaka iyaka. Ɗalibin da ya nace sai ƙafa ta ƙare tare da kalma ba zai taɓa fitar da karin ba.

Mataki na biyu shi ne inda aka fi tuntuɓe, domin daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna tsawon wasali. A ɗangon “Da ƙamshin turaren wutarmu na da” akwai “da” biyu masu rubutu iri ɗaya, amma ta farko gajera ce, ta ƙarshe kuma doguwa, mai ma'anar zamanin baya. Haka “gari” na baiti na 5, gaɓarsa ta farko gajera ce. Idan aka ja ta, an koma maganar garin tuwo, kuma ƙafar ƙarshe ta lalace. A baiti na 2 ma, “ta” ta cikin “ta cika” doguwa ce, domin lokaci ne shuɗaɗɗe na ɗaya. Wanda ya auna da ido kawai zai ɗora wa mawaƙi laifin da bai yi ba.

4.3 Zihafi

Ba duk kaucewa daga Fa'uulun ne karaya ba. Akwai sauƙin da aruli ya yarda da shi a cikin ɗango, wanda ake kira zihafi. A Mutaƙarab zihafin da ake samu shi ne ƙabli, inda gaɓa ta uku ta ƙafa take zama marar nauyi, Fa'uulun ta koma Fa'uulu (v – v). Cikin ƙafafu 48 na waƙar, sau biyu kawai ya auku, duka a ƙafa ta uku:

da ƙam shin / tu raa ren / wu tar mu / na daa
v – – / v – – / v – v / v –

mu gaa naa / ci kin laa / fi yaa da / wa daa
v – – / v – – / v – v / v –

Bambancin zihafi da illa shi ne zihafi yakan zo ya wuce ba tare da ya zama dole a sauran baitoci ba. Yadda za a bambanta shi da karaya kuwa, a dubi gaɓoɓi biyu na farkon ƙafa. A Mutaƙarab su ne turken ƙafar, ba a taɓa su a tsakiyar ɗango. Muddin ƙafa ta fara da (v –), to lafiyarta ƙalau. Idan ta fara da (v v) ko (– –), an sami matsala.

5.0 Yadda Ma'auni Yake Zaɓar wa Mawaƙi Kalma

Abin da miji zai fara faɗa a maganar yau da kullum shi ne “A yau shekara goma da aurenmu”. Idan aka auna shi ga abin da ake samu:

a yau shee / ka raa goo / ma da au / ren mu
v – – / v – – / v v – / – –

Ƙafa biyu na farko sun hau, ta uku ta fara da marasa nauyi biyu, ta huɗu kuma ta fara da mai nauyi. Mai rerawa zai ji harshensa ya sarƙe daga “goma”. Gyaran da mawaƙin ya yi shi ne ya sa “cif” bayan “goma”, ya tura maganar aure zuwa ɗango na biyu. Wannan ciko ne mai amfani, domin ya ƙara ma'anar da waƙar zagayowar rana take buƙata, wato cikar adadi daidai. Ya bambanta da cusa “fa” ko “dai” ko “kam” a duk inda aka ga gurbi, abin da ke nuna gazawar mawaƙi idan ya yi yawa.

A ɗango na biyu na wannan baiti, daidaitacciyar Hausa za ta ce “da ya sa”. Wannan zai ba da (v v –), ƙafar ta karye. Sai mawaƙin ya ari karin harshen Sakkwato ya ce “da yas sa”, inda baƙin farko na aikatau yake ninkuwa ya rufe gaɓar da ke gabansa, ta zama mai nauyi. Haka ya taƙaita “zama” ta koma “zam”. Aron karin harshe da taƙaita kalma hanyoyi ne da mawaƙan Hausa suka daɗe suna bi, don haka bai kamata malami ya ja musu jan biro a matsayin kuskuren rubutu ba.

Misali mafi ban sha'awa shi ne kalmar da ba ta cikin waƙar. Mutum zai zaci miji zai kira matarsa “uwargida”, ga shi kuma kalmar ta dace da amsa-amon “da”. Amma tsarin gaɓoɓinta shi ne (v – v –), kuma babu gurbin da wannan jeri zai zauna a Mutaƙarab. Idan aka fara ƙafa da “u”, za a sami “u war gi” wadda ƙabli ya halatta, sai dai ƙafa ta gaba za ta fara da “daa” mai nauyi, abin da ba ya yiwuwa. Da a ce waƙar tana kan Rajaz ko Kamil, da kalmar ta zauna daram. Ke nan “abar so” ta biya buƙata biyu, ta kunya da ta ma'auni. Darasin da ke nan shi ne mawaƙi ya fara tara kalmomin da ba zai iya rabuwa da su ba, ya auna su, sannan ya zaɓi karin da zai ɗauke su.

6.0 Kurakuran Amsa-amo

Kuskure biyu ne suka fi yawa ga masu koyo. Na farko shi ne haɗa “da” da “ɗa”. Ɗalibi yakan rufe baiti da “haɗa” ko “faɗa” yana zaton sun dace da “gida”, musamman idan ya saba rubutu babu lanƙwasa, alhali baƙaƙen biyu daban suke. Na biyu shi ne maimaita kalmar amsa-amo kusa da kusa da ma'ana ɗaya. A waƙar begen gida jarabar maimaita “gida” tana da ƙarfi, amma masana aruli sun ƙidaya wannan cikin aibobin ƙafiya. Mawaƙin ya kauce masa da kalmomi shida mabambanta: gida, guda, ƙa'ida, fa'ida, na da, wada. Dukkansu sun ƙare da (v –), domin a wannan waƙa amo kaɗai bai isa ba, sai kalma ta cika ƙafar ƙarshe. Shi ya sa “shaida” da “tsada” ba za su shiga ba, ko da yake sun ƙare da “da”.

7.0 Koyar da Waƙar a Aji

Malami ya fara rera waƙar sau biyu kafin ya rubuta komai a allo, ɗalibai suna tafi a kan kowace gaɓa mai nauyi. Daga nan ya rubuta gurɓataccen ɗangon nan na “A yau shekara goma da aurenmu”, ya sa su rera shi da muryar da suka rera sauran. Za su tsaya da kansu a ƙafa ta uku. A lokacin ne ya dace a kawo alamomi da sunayen ƙafafu, domin su zama bayanin abin da kunne ya riga ya kama. Idan aka fara da haddar sunaye, ɗalibi yakan iya jera karuruwa 16 amma ya kasa auna ɗango ɗaya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa jigon waƙar shi ne bege, inda mata da gida suka zama abu guda, kuma an isar da shi ta hanyar abubuwan da ake ji da gani. An ga kuma cewa waƙar tana kan karin Mutaƙarab mai gaɓa 11 a ɗango, da illar hazafi a ƙafar ƙarshe da zihafin ƙabli a wuri biyu. Kalmomin “cif” da “yas sa” da “abar so” duk ma'auni ne ya jawo su, kuma kowaccensu ta ƙara wa ma'ana wani abu.

Tambayoyi

1. Auna baiti na 3 da ɗangon farko na baiti na 6, ka nuna gaɓoɓi da ƙafafu.
2. Bambanta zihafi da illa da karaya, tare da misali daga wannan babi.
3. Me ya sa kalmar “uwargida” ba ta hawa karin Mutaƙarab?
4. Tsara baiti biyu a matsayin amsar matar ga mijinta, a kan wannan kari, da amsa-amon “ri”, sannan ka auna su.